Daidaita Salon Sanarwa da Masu Sauraro

Daidaita salon sanarwa shi ne a ɗauki saƙo guda a sauya lafazinsa da tsarinsa gwargwadon waɗanda za a faɗa wa, ba tare da an taɓa abin da saƙon ya ƙunsa ba. Masana harshe na kiran irin wannan salon magana da ke bin yanayi da matsayin mutane rajista. Rukuni uku da aka fi fama da su a wurin aiki da ƙungiyoyi su ne dattawa, abokan aiki da matasa.

Asalin nazarin

A shekarar 1984 masanin harshe Allan Bell ya fitar da sakamakon nazarinsa kan masu karanta labarai a rediyon ƙasar New Zealand. Ya lura cewa mai karatu ɗaya, a ɗakin watsa shirye-shirye ɗaya, yana sauya furucinsa idan ya tashi daga tashar ƙasa zuwa tashar gari, domin masu sauraron sun bambanta. Daga nan ya kafa ra'ayin cewa mai sauraro ne ke juya salon mai magana. Penelope Brown da Stephen Levinson kuma, a aikinsu kan ladabin magana na 1978 wanda aka sake bugawa a 1987, sun nuna abubuwa uku da ke auna yawan tausasawar da magana ke bukata: tazarar da ke tsakanin mutane, fifikon ɗaya a kan ɗaya, da nauyin abin da ake nema.

Abin da ba ya motsi

Kowace sanarwa tana da jigo: me ya faru, yaushe, a ina, me ake so mai ji ya yi, kuma zuwa wane lokaci. Ana fara rubuta wannan jigon tsirara, kafin a sa gaisuwa ko roƙo. Ga misalin wata ƙungiya: an ɗage babban taro daga Asabar 12 ga wata zuwa Lahadi 20 ga wata, ƙarfe 4 na yamma, a zauren da aka saba, saboda gyaran rufi, kuma dole kowa ya shaida wa sakatare ko zai zo kafin Alhamis 17 ga wata. Ranakun, lokacin, wurin da wajibcin amsawa za su fito iri ɗaya a kowane rubutu. Sauran duka ana iya sauyawa.

Ga dattawa

«Assalamu alaikum, iyayenmu. Bayan gaisuwa da girmamawa, muna neman afuwarku kan wani sauyi da ya zama dole. Ana gyaran rufin zaurenmu, don haka taron da aka sa Asabar 12 ga wata ya koma Lahadi 20 ga wata, ƙarfe 4 na yamma, a zauren dai. Muna roƙon a sanar da sakatare kafin Alhamis 17 ga wata ko za a samu halarta, domin da wannan amsar za a tanadi wurin zama. Allah ya ƙara girma.»

A nan dalili ya riga hukunci zuwa. Babba da aka sauya masa rana ba tare da shawararsa ba yana jin an yanke abu a bayan idonsa, kuma gabatar da dalili shi ke rage wannan. Umarnin ma ya sauya kama: «ku sanar» ya koma «muna roƙon a sanar», inda ba a nuna kowa da yatsa ba. Akwai wani abu da masu rubutu kan manta. Ce wa dattijo ɗaya «ku» girmamawa ce, amma idan jama'a ake wa magana «ku» jam'i ne kawai, ba ya ɗauke da ladabin komai, sai a nemo ladabin a gaisuwa da sigar roƙo.

Haɗarin wannan rubutun shi ne tausasawa ta cinye wajibci. Da an ce «idan da hali, a ɗan sanar da sakatare», mai karatu zai ɗauka zaɓi aka ba shi, kuma ba laifinsa ba ne. Shi ya sa aka haɗa roƙon da sakamakonsa, wato tanadin wurin zama. Alamar an yi wannan kuskure ita ce a ga amsoshi cike da godiya da addu'a, amma babu wanda ya ce zai zo ko ba zai zo ba.

Kuskure na biyu shi ne raina fahimtar babba. Howard Giles da abokan bincikensa sun bayyana yadda mai magana kan wuce gona da iri wajen daidaita kansa da wanda yake zaton raunanne ne, ya riƙa magana a hankali, yana ɗaga murya, yana yi wa tsoho bayani kamar yaro. Maimaita rana da lokaci yana da amfani. Lallashi irin na ƙananan yara kuwa ɓata rai yake jawowa.

Ga abokan aiki

«Barkanmu da aiki. Taron 12 ga wata ya koma Lahadi 20, ƙarfe 4 na yamma, zauren da aka saba. Dalili: gyaran rufi. Kowa ya tabbatar wa sakatare zuwansa kafin Alhamis 17.»

Hukunci ne a gaba, dalili a baya, domin lokacinsu ake girmamawa. Ana iya tsallake abin da kowa ya sani, amma sabon ma'aikaci bai san «zauren da aka saba» ba, sai a faɗi sunansa idan akwai irinsa a cikinsu.

Ga matasa

«Sannunku. An ɗaga taro: Lahadi 20 ga wata, ƙarfe 4 na yamma, zaurenmu. Ba Asabar 12 ba, ana gyaran rufi. Za ka zo ko za ki zo? Tura wa sakatare “eh” ko “a'a” kafin Alhamis 17.»

Yawanci a waya za a karanta wannan, kuma layin farko ne kaɗai ke fitowa a allo kafin a buɗe saƙo, don haka sabuwar rana take sama. An mayar da aikin ƙarami, kalma ɗaya tak. Abin da aka guje wa shi ne sarar matasa. Sara tana tsufa da wuri, kuma a bakin shugabannin ƙungiya takan zama abin dariya, har a ɗauki sanarwar kanta wasa. Wa'azi ma ba shi da gurbi: jimla kamar «mun san halinku na makara» tana sa a rufe saƙon tun kafin a kai ga ranar.

Idan rubutu ya tsallaka

Bell ya bambanta wanda ake yi wa magana da wanda ke sauraro a gefe, kuma sanarwa tana yawo: jika kan nuna wa kakansa saƙon da aka turo masa. Saboda haka kowane rubutu ya zama wanda ɗaya rukunin zai gani bai ji an ci masa fuska ba. Idan kuwa dukkan rukunan suna zaune wuri ɗaya, ana ɗaukar gaisuwar manya, a taƙaita ta, a bi ta da jigo a fili irin na abokan aiki.

Gwajin da aka fi dogara da shi kafin a aika shi ne a ba mutum ɗaya daga kowane rukuni nasa rubutun, sannan a tambaye shi ranar, lokacin, wurin, da abin da ake so ya yi. Idan amsoshin ukun suka saɓa, to jigon ne ya motsa, sai a koma kan jigon da aka fara rubutawa a gwada layi da layi.