Waiwaye: yadda aka gano dutsen da ke ƙarƙashinmu tafiya yake yi

Har yanzu in ka tambayi ɗaliban jogirafi a sakandarorinmu na Gombe me ke ƙarƙashin ɓawon duniya, yawancinsu za su ce maka narkakken dutse ne yana tafasa, nahiyoyi kuma suna yawo a kansa. Ba haka ba ne fa. Mantul, wato wannan ɓangare da ya faro daga ƙasan ɓawo ya nitsa har kusan kilomita 2,900, dutse ne daskararre. Akwai wata igiyar girgizar ƙasa da ake kira S wadda sam ba ta ratsa ruwa ko abu narkakke, amma tana ratsa mantul lafiya lau, sai ta isa ɓangaren waje na cibiyar duniya inda ƙarfe yake a narke sannan ta ɓace. To in daskararre ne ta yaya yake motsi har ya raba nahiyoyi? Wannan tambayar ce ta riƙe masana shekaru kusan hamsin.

Alfred Wegener, Bajamushe masanin yanayi, shi ya fito a 1912 ya ce nahiyoyi a haɗe suke da, daga baya suka rabu, ya nuna yadda gaɓar Afirka ta yamma da ta Kudancin Amurka suka dace da juna, ga duwatsu iri ɗaya ga burbushin halittu iri ɗaya a ɓangarorin biyu. Inda ya gaza shi ne abin da ke tura su, ƙarfin da ya kawo a matsayin dalili bai kai ya kawo ba, kuma Harold Jeffreys na Kambirij ya yi lissafi ya nuna hakan. Ni a ganina Jeffreys bai yi laifi ba da ya ƙi dalilin, laifinsa da ya ɗauka dutse mai tauri ba zai taɓa malala ba ko da an ba shi shekaru miliyoyi. Wegener ya rasu a ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba a yarda da shi ba.

Arthur Holmes ne wajen 1928 zuwa 1931 ya kawo shawarar cewa zafin da yuraniyom da toriyom da fotasiyom ke fitarwa a cikin duniya zai iya sa mantul ya riƙa juyawa, mai zafi ya taso mai sanyi ya nitse. Sai a 1935 Norman Haskell ya auna taurin abin, kuma yadda ya yi ɗin nan yana burge ni ƙwarai. Yankin Suwidin da Finlan ƙanƙara mai kaurin kilomitoci ta taɓa danne shi har ƙasar ta lotsa, ƙanƙarar ta narke kimanin shekaru 10,000 da suka wuce, amma har yau ƙasar ba ta gama dawowa ba, tana tasowa da kusan milimita 9 a shekara a inda abin ya fi ƙarfi. Daga saurin tasowar nan Haskell ya fitar da taurin mantul wajen malala, 1 da sifili 21 a bayansa a ma'aunin faskal-sakan, alhali na ruwa 0.001 ne kacal. Har yau adadin nasa bai kauce sosai ba.

Kun san kwaltar hanyar Gombe zuwa Bauchi, in ka fasa gutsurenta da guduma tsagewa take yi, amma tirelolin siminti da ke bi kullum cikin zafin rana sai su bar mata kwari a inda taya ke bi ba tare da ta narke ba. Haka dutsen mantul yake, a zafin da ya haura digiri 1,300 ƙwayoyin zarra da ke cikin ma'adinansa irin su olibin suna zamewa ɗaya bayan ɗaya, dutsen yana canza siffa yana nan a daskare. Dalilin jinkirin kenan, kuma in zafi ya ragu kaɗan taurin ninkuwa yake yi sosai, shi ya sa kilomita 100 na sama da suka huce ba sa malala, suna nan a matsayin farantai masu tauri.

Wani zai ce to me ya sa zafin ba zai ratsa dutsen kawai ya fita ba sai an yi juyi? Dutse ba ya kai zafi da sauri. In aka lissafa lokacin da zafi zai ratsa kilomita 2,900 na dutse ba tare da motsi ba, ya haura shekaru biliyan 200, duniyar kanta kuwa biliyan 4.5 gare ta. Amma in dutsen da kansa ya tashi da santimita 5 a shekara, raba kilomita 2,900 da wannan, shekaru miliyan 58 ya iso sama. Kun ga duk jinkirinsa ya ninka ɗaya hanyar sauri sau dubbai.

Hujjar gani da ido daga ƙarƙashin teku ta zo. Marie Tharp ta zana taswirar tsaunukan tsakiyar Atlantika a shekarun 1950 ta ga tsaga a tsakiyarsu, Harry Hess a 1962 ya ce a nan ake haifar sabon ɓawo, Vine da Matthews a 1963 suka ce in haka ne za a ga layukan maganaɗisu a dutsen ƙasan teku sun yi daidai hagu da dama na tsagar, daga baya kuma aka gan su. Amma tunanin da aka fara yi, wai mantul na ɗauke da farantai a bayansa yana jan su, shi ma an gyara shi. A 1975 Forsyth da Uyeda suka jera farantan duniya suka kwatanta saurinsu, sai suka ga waɗanda gefensu ke nitsewa cikin mantul, irin na Fasifik da na Nazka da ke yammacin Kudancin Amurka, su ne masu gudu, har wajen santimita 10 a shekara, waɗanda ba su da gefe mai nitsewa kuwa kusan 2 suke yi. Abin da ke faruwa shi ne faranti yana barin inda aka haife shi yana hucewa yana ƙara kauri da nauyi, har ya fi mantul ɗin da ke ƙarƙashinsa nauyi, in gefensa ya fara nitsewa kamar a gabashin Japan sai ya riƙa jan sauran jikin gaba ɗaya. Akwai turi ma daga tudun tsakiyar teku amma bai kai wannan jan ba. Wato farantin shi kansa ɓangare ne na juyin, shi ne saman da ya huce yake komawa ciki, shi ya sa da wuya ka samu ɓawon teku da ya wuce shekaru miliyan 180.

Mu nan farantin Afirka muke kai, kusan kewaye yake da tsagogin da ke buɗewa, shi ya sa tafiyarsa ba ta wuce santimita 2 da wani abu a shekara. Amma abin ya taɓa mu kai tsaye. Lokacin da Kudancin Amurka ke ɓallewa daga Afirka sama da shekaru miliyan 100 da suka wuce, wani reshe na tsagar ya shigo ta inda Neja Delta take yanzu ya yo arewa maso gabas, shi ne kwarin Binuwai da reshensa na Gongola. Ƙasa ta miƙe ta lotsa, koguna suka zuba yashin da ya zama dutsen Bima, daga baya teku ya shigo ya bar farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka, inda ake tsintar burbushin halittun teku masu naɗaɗɗen ƙoƙo da ake kira amonait. Reshen Atlantika ya ci gaba da buɗewa da 'yan santimitoci a shekara har yau, namu kuwa ya tsaya tun ɓawon nahiyar bai tsinke ba, har ma daga baya, wajen shekaru miliyan 85 da suka wuce, matsi ya zo ya lanƙwasa duwatsun da suka taru a cikinsa.