Waiwaye: Yadda Ilimin Halayyar Ɗan Adam Ya Gano Ɓarakar da ke Cikin Gwaje-gwajensa

A shekarar 2011 mujallar Journal of Personality and Social Psychology, wadda ke sahun gaba a ilimin halayyar ɗan Adam, ta wallafa binciken Daryl Bem, farfesa a Jami'ar Cornell ta Amurka. Bem ya kawo gwaje-gwaje tara da ya yi da mutum fiye da 1,000, ya ce takwas daga ciki sun nuna ɗan Adam yana iya jin abin da bai faru ba tukuna. A gwajin farko ana nuna wa mutum labule biyu a fuskar kwamfuta, a ce ya zaɓi wanda hoto yake bayansa, alhali kwamfutar ba ta yanke inda za ta ajiye hoton sai bayan ya zaɓa. In sa'a ce kaɗai, rabi za a dace. Mutanen Bem sun dace da kashi 53 cikin 100 a kan hotunan batsa, kuma lissafi ya nuna bambancin ya haye ma'aunin da masana suka amince da shi.

Abin da ya tayar wa masana hankali shi ne Bem bai karya wata ƙa'ida ta zamaninsa ba. Yadda kowa ke aiki haka ya yi. Saboda haka ɗayan biyu ne: ko dai a yarda mutum na hango gobe, ko kuma a yarda hanyar da aka daɗe ana bi tana iya tabbatar da abin da babu shi. Da wasu masana uku, Stuart Ritchie da Richard Wiseman da Christopher French, suka maimaita ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ba su ga komai ba, sai mujallar ta ƙi karɓar rahotonsu, ta ce ba ta buga maimaicin aikin wani. Sai a 2012 ya fito a wata mujallar daban. A 2011 ɗin kuma asirin Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg da ke Holan ya tonu, aka gano ya shafe shekaru yana ƙirƙirar alƙaluma, daga baya aka janye maƙalunsa sama da 50. Amma maƙaryaci irin Stapel ba shi ne babbar damuwar ba, domin irinsa ba su da yawa. Babbar damuwar tana wajen masu gaskiya.

Kafin a fahimci hakan sai an san ma'aunin. Idan mai bincike ya kwatanta rukuni biyu, yakan lissafa wata lamba da ake kira p. Tana faɗin sau nawa za a ga bambanci mai girman wanda aka gani, ko wanda ya fi shi, in a zahiri babu wani bambanci. Al'ada ta tsaya a kan cewa in p ta gaza 0.05 an samu sakamako. Ma'ana an yarda a ruɗu sau 5 cikin 100 a inda babu komai. Sai dai wannan alƙawari yana da sharaɗi: tambaya ɗaya, lissafi ɗaya, waɗanda aka tsayar tun ba a ga alƙaluma ba.

Joseph Simmons da Leif Nelson da Uri Simonsohn ne suka nuna abin da ke faruwa in an saki sharaɗin, a maƙalarsu ta 2011 a Psychological Science. Sun gudanar da gwaji na haƙiƙa da ɗaliban Jami'ar Pennsylvania, suka ba da rahoton cewa a cikin ɗalibai 20, waɗanda suka saurari wata waƙa mai magana kan tsufa sun fi 'yan uwansu ƙuruciya da kusan shekara ɗaya da rabi. Ba ji suka yi a ransu sun ƙara ƙuruciya ba, ranar haihuwarsu ce ta nuna hakan, kuma p ta tsaya a 0.04. Waƙa ba ta sauya ranar haihuwar kowa, don haka sai marubutan suka warware yadda aka yi. Ɗalibai 34 ne suka shiga, waƙoƙi uku aka saka, suka jefar da rukunin waƙa ɗaya ba su ambata ba. Sun yi wa ɗaliban tambayoyi barkatai, suka tsinci wadda ta biya buƙata. Ba su tsayar da adadin mutane tun farko ba, suna tafiya suna leƙa sakamako. Sannan suka saka shekarun mahaifin kowane ɗalibi cikin lissafin, domin in an cire shi p takan koma 0.33, sakamakon ya ɓace.

Babu alƙalami ko ɗaya na ƙarya a cikin rahoton nan, kuma kowane mataki yana da uzurin da za a iya karewa. Marubutan sun kuma sa kwamfuta ta kwaikwayi dubban gwaje-gwaje da babu wani tasiri a cikinsu. Auna abu biyu a zaɓi ɗaya ya ɗaga damar ruɗuwa daga kashi 5 zuwa kusan 10. Ƙara mutum goma a kowane rukuni bayan an leƙa an ga bai kai ba ya kai ta kusan 8. Da aka haɗa irin waɗannan dabaru guda huɗu, sai ta kai kashi 61 cikin 100. A 2012 Leslie John da abokan aikinta suka tambayi masana fiye da 2,000 ba tare da an rubuta suna ba. Fiye da rabi sun amsa cewa sun taɓa ɓoye wasu abubuwan da suka auna, fiye da rabi kuma sun taɓa yanke shawarar ƙara mutane bayan sun duba sakamako. Da yawansu ba su ɗauki hakan laifi ba, haka suka tarar ana yi.

Gargaɗin ya daɗe, kunnen ƙashi aka yi. Tun 1959 Theodore Sterling ya ƙirga maƙalu a manyan mujallu huɗu ya ga kusan kashi 97 cikin 100 na masu amfani da wannan ma'auni nasara suke ba da rahoto. A 1962 Jacob Cohen ya nuna yawancin gwaje-gwaje mutanensu sun yi kaɗan, har damar gano tasiri matsakaici ba ta wuce rabi ba. Waɗannan biyun ba sa haɗuwa. In damar cin nasara rabi ce, ta yaya kusan kowa ke ci? Robert Rosenthal ya ba da rabin amsar a 1979: gwajin da bai yi nasara ba a aljihun tebur yake ƙarewa. Norbert Kerr ya ƙara da wata a 1998, wato a ga sakamako tukuna, sannan a rubuta hasashe kamar da shi aka faro.

Ranar wanka ta zo a 2015. Brian Nosek na Jami'ar Virginia ya jagoranci masana kusan 270, suka maimaita gwaje-gwaje 100 da aka buga a 2008 a manyan mujallu uku. Na asali 97 sun haye ma'auni. A maimaicin kashi 36 cikin 100 ne kawai suka haye, kuma girman tasirin ya ragu da kusan rabi. Daniel Gilbert na Harvard da wasu sun soki aikin, suka ce wasu maimaicin sun kauce wa tsarin asali, kuma akwai gaskiya a cewa gazawar maimaici ɗaya ba ta kashe magana. Sai dai abin bai tsaya nan ba. Sanannen ra'ayin nan cewa juriya tana ƙarewa in an yi amfani da ita, wanda Roy Baumeister ya faro da gwajin 1998 kuma ɗaruruwan maƙalu suka ginu a kansa, an gwada shi a ɗakunan bincike 23 da mutum sama da 2,000, aka buga a 2016 cewa tasirin bai da maraba da sifili.

Maganin da aka fi runguma shi ne yin rajista kafin gwaji. Mai bincike zai rubuta hasashensa, da adadin mutanen da zai ɗauka da lokacin da zai tsaya, da abin da zai auna, da sharuɗɗan cire wani daga lissafi, da ainihin lissafin da zai yi. Sai ya ajiye takardar a rumbu irin OSF ko AsPredicted, inda za a buga mata kwanan wata. Da an yi wa gwajin waƙar nan rajista, mai karatu zai ga an yi alƙawarin waƙa uku an kawo biyu, zai kuma tambayi inda shekarun mahaifi suka fito. Rajista ba ta hana mutum tono alƙalumansa neman sabon abu. Abin da take nema shi ne a raba abin da aka yi hasashe da abin da aka tsinta a hanya, domin na biyun yana jiran sabon gwaji. Daga likitanci aka aro dabarar. Wani nazari na 2015 kan manyan gwaje-gwajen magungunan zuciya da wata cibiyar gwamnatin Amurka ta ɗauki nauyi ya nuna kashi 57 cikin 100 sun ba da rahoton amfani kafin 2000, shekarar da rajista ta fara aiki, amma bayanta kashi 8 ne kacal.

A ganina rajista ita kaɗai rabin ciwon take taɓawa. Tana ɗaure hannun mai bincike, amma ba ta hana edita ƙin buga sakamakon da bai burge ba, kuma a kan abin da aka buga ake ɗaukar aiki da ƙarin girma. Wannan giɓin ne Chris Chambers ya nufa a 2013 da ya kawo wani tsari a mujallar Cortex: a duba tambaya da tsarin gwaji kafin a tattara alƙalami ko ɗaya, in sun yi kyau mujalla ta ɗauki alƙawarin bugawa ko me ya fito. Yanzu mujallu fiye da 300 suna karɓar irin wannan rahoto. Anne Scheel da abokan aikinta sun kwatanta a 2021, suka ga kashi 96 cikin 100 na maƙalun da aka saba suna tabbatar da hasashensu na farko, a masu wannan tsari kuwa kashi 44 ne. Lamba ta biyun ta fi kama da aikin mutanen da ba su san amsa ba kafin su tambaya.

Rajista ma tana da nata raunin, kuma bai kamata tambarinta ya rufe wa kowa ido ba. Wani nazari da Aline Claesen ta jagoranta ya duba gwaje-gwaje 27 daga maƙalun farko da suka samu tambarin rajista a Psychological Science, ya tarar biyu ne kawai ba su kauce wa abin da suka rubuta ba, kuma mafi yawan sauran ba su bayyana dukan sauye-sauyen da suka yi ba. Kaucewa ba laifi ba ce in an faɗa an kuma ba da dalili, domin alƙaluma sukan zo da abin da ba a zata ba. Akwai kuma rajistar da aka rubuta a dunƙule, wadda ta ce za a auna damuwa ba ta faɗi da wane ma'auni ba, ta bar ƙofofin nan duka a buɗe. Sannan rajista ba ta gyara ma'auni mara kyau ko ra'ayin da bai fayyace abin da yake hasashe ba, kuma masana irin su Aba Szollosi sun yi ta jan hankali cewa raunin ra'ayoyin kansu ya fi na lissafi zurfi.

Mai karatun da maƙala ta ce masa an yi mata rajista yana iya bincikawa da kansa. Ya buɗe takardar a rumbun, ya duba ko kwanan watanta ya riga ranar fara tattara alƙaluma. Ya kwatanta adadin mutanen da aka yi alƙawari da wanda aka kawo, da dalilin cire waɗanda aka cire. Sannan ya duba ko abin da aka sa a kanun maƙalar shi ne babban hasashen da aka rubuta tun farko, ko kuwa wani ne daga can ƙasa aka ɗago bayan na farkon ya faɗi.