ACID a rumbun bayanai

ACID suna ne na sharuɗɗa huɗu da rumbun bayanai ke cikawa domin kada mu'amala ta ɓata abin da aka adana. Mu'amala a nan na nufin jerin umarni da ake ɗauka a matsayin aiki guda. Theo Härder da Andreas Reuter ne suka raɗa sunan a 1983, daga haruffan farko na kalmomin Ingilishi huɗu, wato Atomicity, Consistency, Isolation da Durability, bayan aikin da Jim Gray ya gabatar a kan batun.

A ɗauka asusu mai lamba 101 na da naira 50,000, mai lamba 202 kuma na da naira 10,000, duka a banki ɗaya. Ana son tura naira 20,000 daga na farko zuwa na biyu:

```sql
BEGIN;
UPDATE asusu SET kudi = kudi - 20000 WHERE lamba = 101;
UPDATE asusu SET kudi = kudi + 20000 WHERE lamba = 202;
COMMIT;
```

Harafin A shi ne rashin rabuwa: ko dai cirewa da zubawa su auku tare, ko kuma babu wanda zai auku. Idan aka ɗauke wuta bayan an cire kuɗin amma kafin a zuba, mu'amalar ba ta kai ga `COMMIT`, umarnin da ke tabbatar da aikin, ba, don haka da na'urar ta dawo aiki, asusu 101 zai koma kan naira 50,000. Mai rubuta manhaja ma yana iya soke aikin da kansa da umarnin `ROLLBACK`.

Harafin C shi ne daidaito, wato mu'amala ta bar bayanai cikin ƙa'ida kamar yadda ta same su. Jimillar asusun biyu naira 60,000 ce kafin a tura, haka kuma za ta kasance bayan an tura. Sai dai wannan sharaɗi rabinsa na wuyan mai rubuta manhaja. Rumbun zai hana asusu ya yi ƙasa da sifili idan an sa masa `CHECK (kudi >= 0)`, amma idan aka rubuta a cire 20,000 a zuba 2,000, zai aiwatar ba musu, domin ba a faɗa masa laifi ne ba.

Harafin I shi ne keɓewa, kuma a nan aka fi samun matsala. Manufarsa ita ce mu'amaloli da ke gudana lokaci guda su ba da sakamako tamkar sun bi layi ɗaya bayan ɗaya. A ce mai asusu 101 yana tura naira 20,000 ta waya, a daidai lokacin kuma ana cire naira 40,000 da katinsa. Idan manhajar tana fara karanta abin da ke asusun, ta yi lissafi, sannan ta rubuta sabon adadi, kowace mu'amala za ta ga 50,000 ta ce kuɗi sun isa. Ta farko ta rubuta 30,000, ta biyu ta rubuta 10,000 a kai. Naira 60,000 ta fita daga asusun da ke da 50,000, amma har yanzu yana nuna saura 10,000. Babu saƙon kuskure da zai fito. Sai an zo haɗa lissafi ne za a ga giɓin naira 20,000.

Ana maganin wannan da `SELECT ... FOR UPDATE`, wanda ke kulle layin asusun har mu'amala ta farko ta gama. Ta biyu za ta jira, ta tarar da 30,000, a ƙi biya. Wata hanyar ita ce a ɗaga matakin keɓewa. Ƙa'idar SQL ta 1992 ta ware matakai huɗu, daga `READ UNCOMMITTED` zuwa `SERIALIZABLE`, kuma na ƙarshen ne kaɗai ke ba da cikakken keɓewa. Yana da tsada, domin wasu mu'amaloli za su jira, wasu kuma a soke su sai an sake gwadawa. Rumbun bayanai na PostgreSQL yana farawa ne da `READ COMMITTED`, matakin da bai hana wancan giɓin ba, saboda haka jin cewa rumbu na bin ACID bai wadatar ba sai an duba matakin da aka saita.

Harafin D shi ne ɗorewa. Da zarar rumbun ya amsa `COMMIT`, turawar ta tabbata ko da na'urar ta mutu nan take. Ana cim ma haka ne ta hanyar rubuta canjin a kundin rajista a kan faifai kafin a amsa, sannan a gyara ainihin teburin daga baya. Idan na'urar ta farfaɗo, sai ta bi kundin ta maimaita abin da aka tabbatar.

Waɗannan alkawura sun tsaya ne a cikin rumbu ɗaya. Tura kuɗi tsakanin bankuna biyu a Najeriya yakan bi ta NIBSS, kamfanin da ke haɗa bankunan ƙasar wajen tura kuɗi, kuma kowane banki da nasa rumbun. Shi ya sa ake iya cire wa mutum kuɗi amma ba su isa ɗaya bankin ba: cirewar ta riga ta tabbata a bankinsa, `ROLLBACK` ba zai taɓa ta ba, sai dai a yi sabuwar mu'amala da za ta mayar masa da kuɗin.