Ganin mota daban, ƙidaya ta daban

Mutane sun daɗe suna ɗauka cewa da zarar manhaja ta iya gane mota a bidiyo, ƙidaya ta zo da sauƙi. Ba haka ba ne. Kyamara mai ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa za ta ga motar da ta yi daƙiƙa 4 a gabanta sau 120, manhajar ganowa kuwa ba ta tuna hoton baya. Sai an ƙara mai bin sawu, irin su SORT: ya ba kowace mota lamba ta kansa, ya yi hasashen inda za ta kasance a hoto na gaba, a ƙidaya ta lokacin da ta tsallake layin da aka shata. Duk da haka, tirela na iya kare ƙaramar mota daga kyamara, ƙaramar ta fito da sabuwar lamba. Idan lambobi na ta hauhawa alhali titi ba cunkoso, sawun ne ke yankewa.