Me ake nufi da "hurumin kwamiti"? Mu duba kwamitin bitar ma'aikata

Kwanan nan duk rediyon da ka kama sai ka ji an ƙaddamar da kwamiti, kuma "an ba shi sharuɗɗan aiki". Daga nan mai karanta labari ya jero sunayen mambobi, ya ce an ba su mako shida, shi ke nan. Wani kuma ya ce "ƙa'idojin aiki", yana nufin gargaɗin da gwamna ya yi musu cewa su ji tsoron Allah. Sunayen mambobi da wa'adi da nasiha duk suna da amfani, amma ba su ne abin da 'yan ofis ke bugawa a saman takarda da haruffan TOR ba, wato "terms of reference" a Turance. Wannan takarda amsar tambaya ɗaya take bayarwa: ina ikon kwamitin nan ya fara, ina kuma ya tsaya?

Shi ya sa ni na fi son a ce hurumi. A da, hurumin gari fili ne da aka keɓe a gefen gari, kowa ya san iyakarsa, ba mai shiga ya mayar da shi gonarsa. Daga nan muka samu maganar da ake yi a kotu, cewa alƙali ba shi da hurumin sauraron ƙara. Ba cewa ake alƙalin bai iya shari'a ba, cewa ake maganar ta fita daga filinsa. "Sharuɗɗa" kuwa sai ta sa mutum ya zaci dokoki ne aka gindaya wa mambobi, kamar kada a makara, kada a fitar da sirri. "Jerin ayyuka" ma rabin magana ce, domin tana faɗin abin da za a yi, ba ta faɗin abin da aka hana.

Bari mu bar kwamitocin gwamnati mu ɗauki ƙarami, wanda kusan kowace ma'aikata take da shi: kwamitin shirya bitar ma'aikata ta shekara-shekara. A ce kamfani ne a Kano mai ma'aikata 120, an ware naira miliyan 6 don horo a bana. Manaja ya fitar da takarda mai layi ɗaya: an naɗa mutum bakwai "su shirya bitar ma'aikata ta wannan shekara". Kowa ya ga magana ta fito fili. To, a cikin kalmar "shirya" ɗin nan rigima take kwance.

Kwamiti ya zauna, ya zaɓi mai ba da horo, ya kama zauren otal, shugaban kwamiti ya yi wa mai otal alkawarin kafin alƙalami. Takarda ta isa teburin akanta, ya ce ba zai biya ba, domin ba a nuna masa inda aka ba kwamiti ikon ɗaura wa kamfani bashi ba. Kuma gaskiyarsa. 'Yan kwamiti sun fahimci "shirya" da ma'anar yanke hukunci, manaja kuwa nufinsa su kawo shawara shi ya sa hannu. Mako uku sun tafi a jayayya, mai ba da horo ya karɓi wani aikin. Ba wanda ya ci kwabo, amma bita ta rushe.

Da an rubuta hurumi yadda ya kamata, da kowane aiki an sa masa kalmar da ta dace da shi. Kwamiti ne zai tattara buƙatun horo daga shugabannin sassa kafin ƙarshen Fabrairu. Zai ba manaja shawarar kwasa-kwasan da za a yi da waɗanda za su koyar, bayan ya karɓi takardar farashi daga aƙalla wurare uku. Yana da ikon amincewa da kashe abin da bai wuce naira 300,000 ba, irin su kuɗin takardu da ruwan sha, abin da ya haura haka sai manaja. Ba shi da ikon sa hannu a kwangila. Tattarawa, ba da shawara, amincewa: waɗannan matakai uku ne daban, kuma takardar da ta cakuɗa su, a ganina, ba ta cancanci sunan hurumi ba ko da shafi goma ce.

Wurin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne zaɓen waɗanda za a tura. Bita tana zuwa da alawus, wani lokaci da tafiya Abuja ko Legas, kuma takardar shaidarta tana taimakawa wajen ƙarin girma. Idan hurumi ya yi shiru a kan wanda ke fitar da sunaye, to, kwamiti zai ɗauka nasa ne, shugabannin sassa su ma su ɗauka nasu ne, a ƙarshe shafaffu da mai su tafi. Gane wannan ba wuya. Ka ɗauko jerin waɗanda suka je bita shekara uku a jere. Idan sunaye goma sha biyar ne ke ta dawowa alhali direbobi da masu kula da sito da masu aikin inji ba su taɓa leƙawa ba, to ba a rubuta ma'aunin zaɓe ba. Layi uku ne za su gyara wannan. Shugaban sashe ne ke kawo suna tare da dalili, wato wane aiki ne mutumin nan ke kasa yi wanda horon zai gyara. Kwamiti kuma ya tace bisa ma'aunin da aka rubuta, misali a fara da wanda ya shekara biyu bai samu horo ba. Sannan duk mamban da sunansa ko na ɗan'uwansa ya shigo, ya tashi daga zaman har a gama maganarsa.

Akwai kuma wani aiki da ake mantawa, kuma mantuwar asarar kuɗi ce. Hukumar ITF, wato asusun horar da ma'aikatan masana'antu, wadda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, tana karɓar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara daga kamfanonin da doka ta hau kansu, kuma kamfanin da ya horar da ma'aikatansa bisa tsarinta yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya biya. Idan albashin kamfaninmu na shekara naira miliyan 200 ne, ya biya miliyan 2, yana iya neman har miliyan 1 ta dawo. Sai dai hukumar tana so a sanar da ita a samu amincewarta kafin a yi horon, daga baya kuma a kawo shaida: rasit, takardar da mahalarta suka sa hannu, da takardun kammalawa. Idan hurumi bai ɗora wannan a wuyan kowa ba, kwamiti zai ce aikin akanta ne, akanta ya ce shi bai ma san ranar bitar ba.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. A faɗi mutum nawa ne za su hallara kafin zama ya inganta, misali huɗu cikin bakwai. A faɗi wanda ke rubuta bayanan zama, da wanda kwamiti ke kai wa rahoto.

Amma kalmar "shekara-shekara" tana buƙatar a tsaya a kanta. Shin kwamitin na dindindin ne, ko na bana kaɗai? Idan ba a faɗa ba, ranar da aka raba takardun shaida aka ɗauki hoto sai kowa ya watse, kuɗin da aka ba sakatare a hannu ba a kawo rasit ɗinsu ba, odita ya zo yana neman wanda zai tambaya. Ya kamata a rubuta cewa aikin kwamiti bai ƙare ba sai ya miƙa rahoto cikin mako huɗu da gama bita, ɗauke da abin da aka kashe, da waɗanda suka halarta, da waɗanda aka sa sunansu ba su zo ba. Bayan wata uku kuma a koma wa shugabannin sassan da suka kawo sunaye a tambaye su ko aikin da suka yi kuka da shi ya gyaru. Amsarsu ce kwamitin baɗi zai fara karantawa a watan Fabrairu kafin ya sake tattara buƙatu.