Gwangwani ɗaya na man kaɗanya: ya gyara fuskar uwa, ya ɓata ta 'ya

A hunturun bara wata mata daga Rigasa ta kawo 'yarta, budurwa mai shekara 19, ɗakin shan maganin da nake aiki. Yarinyar ta ja hijabi har kan gira. Da ta ɗaga, sai ga goshinta cike da ƙananan ƙuraje kamar an watsa gero, sun bi layin gashi har gefen kunne. Yawancinsu ba ja ba, ba ruwa, sai dai in ka shafa ka ji gurji-gurji. Kumatunta kuwa lafiya lau.

Na tambayi abin da take shafawa. Uwar ta karɓe: "Malama, ba ta shafa komai na kanti. Man kaɗanya ne zalla, daga Neja ake kawo mini. Ni ma shi nake shafawa, dubi fuskata."

Na duba. Fuskar uwar sumul, ba kaushi ko kaɗan, duk da iskar Disamba. Gaskiya ta faɗa, kuma man nata mai kyau ne. Abin da ya bambanta shi ne fatar da ake ɗora shi a kai.

A jikin kowane ramin gashi na fuska akwai wata 'yar jaka da ke fitar da maiƙo. Daga lokacin balaga jakunkunan nan suna ƙara aiki, musamman a goshi da hanci da haɓa. Idan shekaru suka ja, musamman ga mace bayan ɗaukewar al'ada, maiƙon yana raguwa. Saboda haka uwar, mai kusan shekara 50, fatarta na neman abin da zai rufe ta ya hana ruwan jikinta tsiyayewa cikin busasshiyar iska, kuma aikin da man kaɗanya ya ƙware a kai ke nan. 'Yar kuwa maiƙonta ya ishe ta har ya yi yawa. Da aka ƙara mata mai kauri safe da dare, sai ramukan suka toshe da maiƙo da matacciyar fata.

Amma ban ɗora wa kaɗanya laifin duka ba, domin wurin da ƙurajen suka taru ya sa na yi wata tambayar: me take sa wa gashi? Sai ta ce man kwakwa haɗe da man kitso, duk bayan kwana biyu, sannan ta ɗaura hula ta sa hijabi. To ga shi nan. Man da ke kan gashi yana narkewa da zafin rana, ya gangaro goshi, bakin hula ya danne shi a wurin yini guda. Likitocin fata sun bayyana irin waɗannan ƙurajen na man gashi tun 1970, kuma alamarsu ita ce wannan: ƙanana, masu yawa, a goshi da gefen kai. Cikin mayukan da muke amfani da su, man kwakwa na daga waɗanda suka fi toshe ramin fata. A ƙafa da gwiwar hannu ba shi da laifi. A fuska mai maiƙo ban taɓa ba da shawararsa ba.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne jinkiri. Toshewar rami ba ta nunawa washegari, takan ɗauki makonni kafin ta fito. Yarinyar ta fara shafa man kaɗanya ne farkon Nuwamba, ƙurajen suka bayyana a Disamba, don haka ba wanda ya haɗa su. Ƙanwar babanta ma cewa ta yi gyaɗa ce take ci. Wanda ya shafa mai kuma cikin kwana ɗaya ko biyu fata ta yi ja, tana ƙaiƙayi ko zafi, wannan wani abu ne daban: fatar ce ba ta karɓi man ba, ko turaren da aka zuba a ciki. Man habbatus-sauda na yi wa wasu haka idan aka shafa shi zalla. A nan dainawa ake yi nan take.

Ga yadda za ki san irin fatarki ba tare da kashe ko kwabo ba. Ki wanke fuska da sabulu mara ƙarfi, ki tsane, kar ki shafa komai, ki jira awa biyu. Sai ki danna siririyar takarda a goshi da gefen hanci. In ta fito da tabon maiƙo, fuskarki ba ta buƙatar man kaɗanya a waɗannan wurare. In kuwa kin ji fatar tana ɗaurewa, ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, to ke ce mai amfana. Da yawa suna tsakiya: goshi da hanci maiƙo, kumatu a bushe. Su shafa a kumatu da leɓe kawai.

Yawan da ake shafawa ma magana ce. Na sha ganin ana lakuto shi da yatsu uku. Kwatankwacin ƙwayar wake ɗaya ya isa fuska duka. A murza shi a tafin hannu har ya narke, a shafa tun fata na da sauran danshi bayan wanka, domin shi man ba ruwa yake ba fata ba, riƙe wanda ke nan yake yi.

Man zaitun muna girmama shi, kuma a abinci ba a magana. Sai dai a kan fata mai saurin kaushi da ƙaiƙayi ba shi ne zaɓina ba. Wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2013 daga Sheffield ta Ingila ya nuna cewa shafa shi na makonni a hannun manya ya raunana shingen fata, alhali man 'ya'yan furen rana bai yi haka ba. Haka kuma mai amosanin ka, ko mai saɓa a gira da gefen hanci, ya yi hattara: ƙwayar da ke haddasa su da maiƙo take rayuwa, zaitun da kwakwa kuwa abinci ne a gare ta. Sai mutum ya ga saɓa ya ɗauka bushewa ce, ya ƙara mai, abin ya ƙaru.

Sai kuma "haɗi". Ana sayar da man kaɗanya da aka cuɗa da man bilicin mai sitiroyid, wani maganin kumburi mai ƙarfi, a ce na gyaran fata ne. In kika ga kin yi haske cikin mako biyu, ba aikin kaɗanya ba ne, ita ba ta sauya launi. Bayan hasken sai ƙuraje masu kama ɗaya su feso, fata ta yi siriri. Mai wannan ta zo asibiti da robar a hannu, domin dainawa farat ɗaya bayan dogon amfani kan sa fuskar ta ƙara rikicewa.

Yarinyar Rigasa ba ta buƙaci wani magani mai tsada ba. Na ce ta bar shafa mai a goshi da hanci, man gashi ya tsaya daga tsakiyar gashi zuwa jela, ta riƙa sauya hula da wanke ta, kuma kar ta matse, don a fatarmu baƙin tabon da matsa ke bari ya fi ƙurjin daɗewa, yakan kai watanni. Na gaya mata kar ta sa ran ganin sauyi kafin mako shida, in kuma suka zama manya masu zafi da ruwa, mu tura ta wurin likitan fata.

Ta dawo bayan wata biyu, goshin ya kwanta sai 'yan tabo. Uwar ta ce, "Malama, to ni in ci gaba?" Na ce, "Mama, ki ci gaba abinki, har dugadugai. Ita dai ki bar mata na leɓe."