Duba lafiyar tayar mota

Duba lafiyar taya ya ƙunshi auna iskarta, auna zurfin zanenta, da neman rauni a jikinta. Wurin da kowace taya ke taɓa ƙasa bai wuce faɗin tafin hannu ba sosai, kuma ta nan birki da sitiyari suke aiki.

Ana auna iska ne lokacin da taya take a sanyaye, wato kafin a yi tafiya ko bayan mota ta huta na wasu sa'o'i, domin zafin tafiya yana ɗaga awon. Adadin da ya dace yana rubuce a littafin motar, ko a takardar da aka liƙa a bakin ƙofar direba. A yawancin ƙananan motoci yana tsakanin 30 zuwa 35 a ma'aunin ƙarfin iska da ake kira PSI, kuma yakan ƙaru idan an yi lodi. Lambar da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba, kuma mutane da yawa suna kuskure a nan.

Yadda zane ya cinye shi ke tona matsalar. Idan gefuna biyu sun cinye tsakiya na nan, taya ta daɗe tana tafiya da ƙarancin iska. Wannan ya fi haɗari, domin gefen tayar yana ta lanƙwashewa yana ɗaukar zafi har ta kai ga fashewa. Idan tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa. Idan kuwa gefe ɗaya ne kawai, saitin ƙafafun motar ne ya goce, ƙarin iska ba zai gyara shi ba.

Aikin zane shi ne korar ruwa daga ƙarƙashin taya. In ya suɗe, taya takan hau kan ruwan, sitiyari ya yi sakayau, birki ya ƙi kamawa. A Birtaniya da Tarayyar Turai mafi ƙarancin zurfin da doka ta yarda da shi ga ƙananan motoci milimita 1.6 ne. A cikin ramukan zanen akwai 'yan tudu masu wannan tsayin, da zarar sun yi daidai da saman zane, taya ta ƙare. Kumburi a gefe kuma yana nufin zaren ciki ya tsinke, ba a yi masa faci, sai dai a canza taya. Haka ma yankan da ya kai ga zare.

Tambayoyin taya suna yawan fitowa a rubutacciyar jarrabawar tuƙi saboda doka ta ɗora alhakin lafiyar mota a kan mai tuƙa ta, kuma wannan dubawa ce da direba zai iya yi da kansa ba tare da bakanike ba. Amsoshin kuma tsayayyu ne, ko lamba ko alama, masu sauƙin tantancewa. Sannan taya tana shiga cikin wasu darussan, irin su nisan tsayawa bayan taka birki, tuƙi cikin ruwan sama da shan mai.